Kurakuran da aka fi yi a addu'o'in gida, abinci, sutura da barci

Yawancinmu mun haddace waɗannan addu'o'i tun muna Islamiyya, a baki muka ɗauke su kafin mu san abin da suke nufi. Daga nan kusan duk kurakuran suke tasowa. Wanda bai san ma'anar kalma ba, ba zai ji lokacin da ta karkace a bakinsa ba, kuma ba zai lura ba idan ya ajiye addu'a a inda ba muhallinta ba.

Fita daga gida

Gajeruwar addu'ar fita ita ce wadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Anas ɗan Malik: "Bismillahi, tawakkaltu alallahi, la haula wa la ƙuwwata illa billah." Ma'anarta: da sunan Allah, na dogara ga Allah, babu dabara babu ƙarfi sai da Allah. Hadisin ya ce ana amsa wa mai faɗarta cewa an shiryar da shi, an isar masa, an kare shi. Kuskuren da ya fi yawa a nan na lokaci ne. Mutum sai ya tayar da babur, ya kai bakin titi, sannan ya tuna. Muhallinta bakin ƙofa ne, lokacin da ƙafa ke barin gida. Gyaran mai sauƙi ne, a ɗaura ta da wani abu da ba a fita sai an yi shi, kamar sa takalmi ko zare sakata. Idan an hau abin hawa kuma, wannan yana da tasa addu'ar daban, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Ta biyu, wadda Ummu Salama ta ruwaito, ita ce ta fi shan wahala a bakin mutane: "Allahumma inni a'uzu bika an adilla au udalla, au azilla au uzalla, au azlima au uzlama, au ajhala au yujhala alayya." Kalmomi takwas ne a jere, biyu-biyu, kuma a kowane biyu ta farko abin da kai za ka aikata ne, ta biyu abin da za a aikata maka. Adilla, in ɓata. Udalla, a ɓatar da ni. Azilla, in zame. Uzalla, a zamar da ni. Azlima, in yi zalunci; uzlama, a zalunce ni. Ajhala, in yi wauta. Yujhala alayya, a yi mini wauta. Ban da ajhala da yujhala, wasali ne kawai ya raba su. Mai sauri yakan ce "adilla au adalla", ko ya tsallake biyun tsakiya gaba ɗaya saboda sun yi kama da na farko a kunne, sai ya nemi tsari daga rabin abin ya bar rabi. Hanyar ganewa ita ce ka ƙirga da yatsu huɗu, kowane yatsa kalma biyu: ɓata, zamewa, zalunci, wauta. Idan ka isa "alayya" da sauran yatsa, ka zubar da wani abu a hanya.

Akwai kuma matsalar haruffa. Harafin da ke cikin adilla shi ne wanda Hausa ta saba mayarwa "l", kamar yadda ya faru a kalmomin alwala da alƙali. Sannan "z" ɗin azilla da "z" ɗin azlima haruffa biyu ne mabambanta a Larabci, na biyun mai kauri ne, ana fitar da shi da kan harshe a gefen haƙoran gaba na sama. Rubutun boko ba ya nuna wannan bambanci. Don haka duk wanda ya haddace ta daga takardar boko, ya kamata ya karanta ta sau ɗaya a gaban malamin da ya iya tajwidi.

Shiga gida

Abin da ya fi ƙarfi a nan hadisin Jabir ne a cikin Muslim: idan mutum ya ambaci Allah lokacin shiga gidansa da lokacin cin abincinsa, Shaiɗan yakan ce wa mabiyansa ba ku da makwanci, ba ku da abincin dare. Bismillah kaɗai ta cika wannan. Lafazin da aka fi koyarwa, "Bismillahi walajna, wa bismillahi kharajna, wa alallahi Rabbina tawakkalna" (da sunan Allah muka shiga, da sunan Allah muka fita, ga Allah Ubangijinmu muka dogara), Abu Dawud ne ya kawo shi, kuma malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancinsa. Saboda akwai kalmar kharajna a ciki, wasu suna ɗauka ta fita ce, suna karanta ta da safe za su kasuwa. Ta shiga ce. Bayanta sai sallama ga mutanen gida, kamar yadda aya ta 61 a Suratun Nur ta yi umarni. Magidanta da yawa sukan bar sallamar da hujjar ai gidansu ne, su wadatu da gyaran murya ko ƙarar makulli, alhali iyali su suka fi cancanta da ita.

Abinci

A nan al'adarmu ta haifar da wani ruɗani na musamman. Bahaushe yana cewa baƙo "bismillah" da nufin matso mu ci, ko shigo, ko zauna. Sai mai gida ya faɗe ta a matsayin tayi, ya sa hannu a tuwo yana ganin ya riga ya yi, baƙon kuma ya amsa da "na gode" ya fara ci. A ƙarshe babu wanda ya ambaci sunan Allah da niyyar cin abincinsa. Tayi daban, basmalar mai ci daban. Abin da ya fi aminci shi ne kowa ya yi tasa, ko da kwano ɗaya ake ci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga hannun Umar ɗan Abu Salama yana yawo a akushi, sai ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa. Yaro ne a lokacin, kuma ba shi kaɗai yake ci ba, duk da haka shi aka umarta da kansa.

Wanda ya manta har ya yi loma uku ko goma, ba sai ya haƙura ba, kuma ba Bismillah zalla zai ce ba. Hadisin A'isha ya ba shi lafazi: "Bismillahi awwalahu wa akhirahu", da sunan Allah a farkonsa da ƙarshensa. Ana faɗar ta muddin ana cikin ci. Idan an riga an suɗe hannu, lokacinta ya wuce, sai godiya: "Alhamdu lillahil lazi aɗ'amani haza wa razaƙanihi min gairi haulin minni wa la ƙuwwah", godiya ta tabbata ga Allah da ya ciyar da ni wannan, ya azurta ni da shi, ba da dabarata ko ƙarfina ba.

Nono da madara suna da nasu lafazin. Ga sauran abinci ana cewa "Allahumma barik lana fihi wa aɗ'imna khairan minhu", Allah ka yi mana albarka a cikinsa, ka ciyar da mu wanda ya fi shi. Ga nono kuwa ƙarshen yakan koma "wa zidna minhu", ka ƙara mana shi. Hadisin Ibn Abbas ya faɗi dalili: babu abin da ke tsayawa a matsayin ci da sha lokaci ɗaya sai nono.

Sutura

Addu'ar sa tufa ƙanwar ta bayan cin abinci ce, hadisi ɗaya ne na Mu'azu ɗan Anas ya kawo su, kuma kalma ɗaya ce ta bambanta su: aɗ'amani, ya ciyar da ni, ta koma kasani, ya tufatar da ni. Harshe yakan bi wadda ya fi sabawa da ita, sai ka ji mutum yana sa riga yana godiya kan ciyarwa. Sabuwar tufa tana da tata: "Allahumma lakal hamdu anta kasautanihi, as'aluka min khairihi wa khairi ma suni'a lahu, wa a'uzu bika min sharrihi wa sharri ma suni'a lahu", Allah godiya taka ce, kai ka tufatar da ni shi, ina roƙon ka alherinsa da alherin abin da aka yi shi dominsa, ina neman tsarinka daga sharrinsa da sharrin abin da aka yi shi dominsa. Ana fara sawa ta hannun dama, haka takalmi, amma wajen cire takalmi hagu ake fara zarewa. Mai sa kaya a banɗaki bayan wanka ya dakata da addu'ar har ya fito.

Barci

Mafi gajarta ita ce ta Huzaifa a Bukhari: "Bismikallahumma amutu wa ahya", da sunanka ya Allah nake mutuwa nake rayuwa. Ana yawan musanya ta da ta farkawa, "Alhamdu lillahil lazi ahyana ba'ada ma amatana wa ilaihin nushur", don kalmomin mutuwa da rayuwa suna cikin duka biyun. Ta kwanciya da suna take farawa, ta tashi da godiya.

Wajen Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, yadda A'isha ta siffanta shi ne a haɗa tafukan hannu biyu, a yi tofi a ciki, a karanta surorin uku, a shafe abin da ya sawwaƙa na jiki, a fara da kai da fuska da gaban jiki, a yi haka sau uku. Tofin iska ce mai ɗan danshi, ba yawu ba. Malamai sun saɓa kan ko yana gabatar karatu ko yana bin bayansa, saboda haka wannan ba abin jayayya ba ne. Abin da ake yawan zubarwa shi ne shafar, ko a tsaya a zagaye ɗaya. Tasbihin da aka koya wa Faɗima da Ali kuma lissafinsa 33, 33, 34 ne, kabbara ce 34. Masu sabo da na bayan salla sukan yi 33 uku su cike da kalmar tauhidi, wannan siffar bayan salla ce.

Sai doguwar addu'ar Bara'u ɗan Azib, mai farawa da "Allahumma aslamtu nafsi ilaika", Allah na miƙa raina gare ka. An tsara ta ne da alwala irin ta salla, da kwanciya a gefen dama, kuma ta zama ƙarshen abin da mutum zai furta. Wanda ya karanta ta sannan ya ɗauki waya ya shiga hira, ya saɓa wa wannan tsari, sai ya maimaita ta idan ya ajiye wayar. Wanda kuma ya san barci na sace shi da wuri, ya yi Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara da surorin uku yana zaune a bakin gado, ya bar wannan kaɗai ga lokacin da ya sa haƙarƙari. A kiyaye ƙarshenta: "amantu bi kitabikal lazi anzalta, wa bi nabiyyikal lazi arsalta", na yi imani da littafinka da ka saukar da annabinka da ka aiko. Lokacin da Bara'u yake bitar ta a gaban Annabi ya ce "wa bi rasulika", sai Annabi ya tsayar da shi, ya ce a'a, "wa bi nabiyyika".