Darasi na 7: Suyar gyaɗa a busasshen kasko ko a obin

Ku ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya, ku raba ta biyu, ku duba. Akwai jan ɓawo siriri a waje, akwai farin nama mai kauri a ciki. Idan kun ɗora gyaɗa a wuta, zafi yana taɓa bayanta nan take, amma sai ya ɗauki lokaci kafin ya isa tsakiya. Wannan tazarar ce ke sa gyaɗa ta ƙone a waje alhali cikinta ɗanye ne. Aikin mai suya shi ne ya ba zafi lokacin shiga ciki ba tare da bayan ya babbake ba. Abu biyu yake yi da hannunsa: ya rage wuta, ya yi ta juyawa.

A wannan suyar ba a zuba mai, ba a zuba ruwa. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, da man jikinta take soyuwa.

Tsinta kafin wuta

Ku baza tsabar gyaɗar a faranti inda akwai haske. Ku cire tsakuwa da ɓaraguzan ƙwanso. Ku cire duk wadda ta yamushe, ko ƙwaro ya huda, ko ta canza launi, ko kuka ga fumfuna a jikinta. Kada ku ce wuta za ta gyara ta. Fumfunar gyaɗa tana iya barin guba da ake kira afulatoksin, mai cutar da hanta, kuma zafin suya ba ya kawar da ita. Zubarwa ake yi.

Sai kuma girma. Idan ƙanana da manya sun haɗu a kasko ɗaya, ƙananan za su riga soyuwa, kafin manyan su iso sun yi baƙi. In bambancin ya yi yawa, ku ware su, kowane kashi a soya shi daban. Haka fasassu, waɗanda suka rabe biyu, su ne ke fara ƙonewa. Gyaɗar kuma ta zama busasshiya. In kun ɗauraye ta saboda ƙura, ku shanya ta ta bushe sosai, don jiƙaƙƙiyar gyaɗa turaruwa take yi a kasko kafin ta fara soyuwa.

Suya a kasko

Ku nemi kasko mai faɗi, mai kaurin gindi. Kwano marar kauri yana tara zafi wuri ɗaya, daidai inda harshen wuta yake, kuma duk ƙwayar da ta zauna a nan sai ta yi tabo. Mai kauri yana raba zafin ko'ina. Ku tanadi cokalin katako mai dogon hannu, da babban faranti a gefe. Farantin nan ya kasance a kusa tun kafin ku kunna wuta, za ku ga dalili.

Mu ɗauki misali da kofi 2 na tsabar gyaɗa, wato kusan giram 300. Wannan ya isa ya rufe gindin babban kasko ba tare da ya taru ba. Idan kun cika kasko, cokali ba zai iya kawo na ƙasa sama ba, sai na ƙasa su ƙone, na sama ko ɗumi ba su yi ba.

Ku sa wuta matsakaiciya, ma fi kusa da ƙarama. Ku zuba gyaɗar, ku fara juyawa. Juyawar da ake so ita ce cokali ya bi gindin kasko, ya kwaso na ƙasa ya maido su sama, ya jawo na gefe zuwa tsakiya, ya tura na tsakiya gefe. Shafa saman gyaɗar da cokali bai isa ba. Ƙwayar gyaɗa wuri ɗan ƙarami take taɓa ƙarfe da shi, kuma wannan ɗan wurin ne ke ƙonewa idan ta daɗe a kansa. Kowace juyawa tana sauya mata gefen da ke kan ƙarfe.

A minti 5 na farko kamar ba abin da ke faruwa. Launi bai canza ba, ƙamshi bai tashi ba. A nan ne haƙurin mutane da yawa ke ƙarewa, su ƙara wuta. Ku bar wutar yadda take. Danshin da ke cikin ƙwayar ne yake fita, kuma sai ya ragu gyaɗa za ta fara yin ja.

Daga wajen minti 8 zuwa 12 za ku fara jin ƙamshi. Jan ɓawon zai ƙara duhu, ya fara tsagewa, wani lokaci ku ji ɗan ƙara, ƙas, ƙas. Ƙarar gyaɗar a kan kasko ma tana sauyawa, tana komawa kamar ta busasshen abu marar nauyi. Daga nan kada hannu ya tsaya. Da danshi ya fita, launi yana sauyawa da sauri, minti ɗaya na sakaci ya isa ya ɓata aikin. Yawanci kofi 2 suna soyuwa tsakanin minti 15 zuwa 20, amma agogo kimantawa kawai yake yi, don wuta ta bambanta, kasko ma haka.

Yadda ake gane ta soyu

Nan ne darasin ya fi nauyi, ku karanta a hankali. Kada ku yi hukunci da launin ɓawo, don shi ja ne tun asali, yana ɓoye abin da ke ciki. Kada kuma ku dogara da tauna ta da zafinta. Gyaɗa mai zafi tana da ɗan laushi ko da ta soyu, sai ta huce take yin garas-garas. Wanda ya tauna ta daga kasko ya ji laushi, sai ya ce da saura, ya bar ta a wuta har ta wuce.

Ga abin da za ku yi. Daga minti na 12, ku ɗebo ƙwaya 3 ko 4 daga wurare daban-daban na kaskon, ku aje a faranti su sha iska na ɗan lokaci, ɗayan hannun yana ci gaba da juyawa. Ku murza ɗaya tsakanin yatsu biyu. Idan ɓawon ya manne, ba ta yi ba. Idan ya saɓule cikin sauƙi, ta kusa. Sai ku raba ta biyu ku duba cikin. Fari fat yana nufin ɗanye ne, in kun tauna za ku ji gafi. Ruwan zuma mai haske, daga waje har tsakiya, shi ake nema. Ruwan ƙasa mai duhu yana nufin ta wuce, za ta yi ɗaci.

Ni a ganina gara ku sauke tun launin bai kai yadda kuke so ba, saura ƙiris. Gyaɗa tana riƙe zafi a cikin manta, tana ci gaba da soyuwa bayan an sauke. Shi ya sa ba a kashe wuta a bar ta a kasko. Ku juye ta nan take a farantin da kuka tanada, ku baza ta sosai. Wadda ba ta gama soyuwa ba ana iya mayar da ita wuta na minti 2 ko 3. Wadda ta ƙone kuwa ba ta da gyara.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Ina sauri, na sa wuta babba, cikin minti 6 hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika ɗaki. Da na murje, kowace ƙwaya da baƙin tabo a gefe ɗaya, cikinta kuwa fari tas. Duk lokacin da kuka ga haka, wuta ce ta yi yawa ko hannu ya tsaya. In kun hangi hayaƙi tun da wuri, ku ɗauke kaskon daga wuta gaba ɗaya, ku ci gaba da juyawa a gefe har ya ɗan huce, sannan ku mayar a ƙaramar wuta. Rage wutar kaɗai ba ya isa, don ƙarfen ya riga ya ɗauki zafi.

Idan za ku soya kashi na biyu, ku goge kaskon da busasshen tsumma. Ɓawon da ya zube a gindi yana ƙonewa ya sa wa sabon kashi ƙauri. Ku tuna kuma kaskon ya riga ya yi zafi, kashi na biyu zai fi na farko saurin soyuwa.

Suya a obin

Obin ya fi sauƙi, don iska mai zafi tana kewaye gyaɗar. Ku kunna shi ya yi zafi tukuna, a digiri 180 na ma'aunin Salshiyas. Idan lambobin obin ɗinku na Faranhait ne, ku sa 350. Ku shimfiɗa gyaɗar a tire, kada wata ta hau kan wata, ku sa a tsakiyar obin. Tsaba tana ɗaukar minti 15 zuwa 20. Mai ƙwanso tana ɗaukar 20 zuwa 25, kuma sai kun fasa ɗaya za ku ga launinta.

A nan ma ana juyawa, sai dai bayan kowane minti 5 ne. Na bakin tire suna riga na tsakiya yin ja, kuma obin da yawa sun fi zafi ta baya, don haka ku juya gyaɗar, ku kuma juya tiren, gaba ya koma baya. Haɗarin obin shi ne mantuwa, tunda ƙofa a rufe take, ido ba ya gani. Idan ƙamshi mai ƙarfi ya iske ku a wani ɗaki, ku hanzarta. Gwaji iri ɗaya ne: a murza, a raba, a duba ciki. Tiren ma yana riƙe zafi, ku juye ta a wani faranti.

Bayan ta huce

Ku bar ta ta huce sarai. Sannan ku murje ta a tafin hannu, ku hure ɓawon, in ba ku son sa. Kada ku rufe ta a kwalba da sauran ɗumi, tururi zai taru a ciki ya mayar da ita laushi. Ku zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, ku aje nesa da rana da zafi, don su ne ke sa man cikinta ya lalace ya riƙa maƙaƙi.

Aikin gida

1. Kun raba ƙwaya ɗaya gida biyu, bayanta da baƙin tabo, cikinta fari. Rubuta abin da ya jawo haka a jimla ɗaya.
2. Kuna da kofi 6, kaskonku yana ɗaukar kofi 2. Sau nawa za ku soya? In kowane kashi ya ci minti 20, minti nawa ke nan duka?
3. Ku soya kofi 1 a gida. Ku ɗebi ƙwaya 3 a minti na 10, da na 13, da na 16, ku ƙunshe kowane kashi a takarda daban, ku rubuta mintin a kai, ku kawo aji mu raba su mu kwatanta launi.