Darasi na 6: Garin furotin ko abincin gida?

Idan aka daskarar da madara za a yi cuku, akwai ruwan da ke tsatsowa. Shi ake tacewa a busar ya zama gari, a zuba a roba, a sayar da sunan wei. Ba magani ba ne, furotin ne na madara, wato sinadarin da jiki ke gina tsoka da shi. Ludayin da ke zuwa cikin robar yana ɗaukar gari kamar giram 30, furotin ɗin ciki kuwa wajen giram 24 ne. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Ashe ludayi ɗaya ƙwai huɗu ke nan.

Baligi mai lafiya yana buƙatar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai ɗaga ƙarfe sosai yakan buƙaci ninkin haka, giram 1.6.

Mu ɗauki matashi mai kilo 70. In ba ya ɗaga ƙarfe, giram 56 ya ishe shi. In yana ɗagawa, 112 yake nema. Da safe ya ci ƙwai uku, 18 ke nan. Da rana ya ci wake kofi ɗaya, wajen 13, ya sha kindirmo kofi ɗaya, wajen 8. Da dare aka sa masa kifi kamar tafin hannu, wajen 25. Burodi da shinkafa da tuwon ranar su ma ba fanko ba ne, sun ba shi kamar 20. Jimilla 84. Wanda ba ya motsa jiki ya wuce buƙatarsa tuni, in ya sayi gari ya zubar da kuɗinsa, domin tsoka ba ta fitowa don an sha gari ana zaune. Mai ɗaga ƙarfen kuwa saura 28 ya cike.

A irin wannan giɓin ne garin yake da amfani, musamman ga mai tafiya, ko dattijon da cin abinci ya yi masa wuya. Amma kafin ka saya, duba bayan robar ka ga ludayi nawa ne a ciki, ka raba kuɗin da wannan adadi, ka kwatanta da kuɗin ƙwai huɗu a unguwarku. Ka tuna wake da kifi suna ƙosarwa, gari kuwa sai ka sake neman abinci.

Wasu robobin na ƙara ƙiba ne, yawancinsu sitaci da sukari. A Najeriya ka nemi lambar NAFDAC. Wanda madara ke kumbura wa ciki, garin ma yakan yi masa haka. Mai ciwon ƙoda ya fara ganin likita, kuma ba a ba jariri shi a madadin nono.

Aiki: rubuta nauyinka, ka ninka da 0.8, sannan ka lissafa furotin ɗin abin da ka ci jiya.