Yadda ake zaɓar gwajin t idan warwatsuwar rukuni biyu ta bambanta

Gwajin t na rukuni biyu masu zaman kansu iri biyu ne, kuma manhajojin lissafi ba su yi ittifaƙi a kan wanda za su ba ka ba idan ka yi shiru. Na farko shi ne na haɗaka, wanda ake jingina wa Student, sunan alƙalamin William Gosset da ya buga aikinsa a 1908 yana ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin. Wannan yana ɗauka cewa rukunan biyu warwatsuwarsu ɗaya ce, sai ya haɗa su ya fitar da ƙiyasi guda. Na biyu shi ne na Welch, na 1947, wanda ke barin kowane rukuni da tasa warwatsuwar. Sau da yawa amsarsu kusan ɗaya ce. Amma akwai inda suke raba gari, kuma ana iya gane wurin tun kafin a taɓa kwamfuta.

Ga misalin da za mu bi, alƙalumansa an tsara su ne don lissafi. An gwada sabon irin masara a gonaki 8, an bar tsohon iri a gonaki 24, ana auna buhu nawa hekta ɗaya ta bayar.

Mataki na 1: rubuta lambobi shida

Daga kowane rukuni ana buƙatar abu uku: yawan gonaki, n, matsakaicin amfani, da ma'aunin warwatsuwa, s, wanda manhajar SPSS ke rubutawa `Std. Deviation`.

```
Sabon iri:   n = 8    matsakaici = 25   s = 6   s² = 36
Tsohon iri:  n = 24   matsakaici = 21   s = 3   s² = 9
```

Ratar matsakaici buhu 4 ce. Kafin ka ci gaba, zana ɗigon kowace gona a takarda. A rukunin gonaki takwas, gona ɗaya da ruwa ya kwanta a cikinta, ko wadda aka yi kuskuren rubuta 52 a maimakon 25, ta isa ta kumbura s. Idan haka ne, matsalarka ba ta zaɓen gwaji ba ce tukuna.

Mataki na 2: duba wane rukuni ne ke ɗauke da babbar warwatsuwa

Mutane kan tsaya a tambayar ko s ɗin sun bambanta. Rabin tambayar ke nan. Ragowar rabin shi ne: yawan rukunan daidai yake? Idan ba daidai ba, ƙaramin rukuni ne ya fi warwatsuwa ko babban? A misalinmu ƙaramin ne: gonaki 8 da s na 6, gonaki 24 da s na 3. Wannan shi ne haɗin da ya fi haɗari, kuma lissafin zai nuna dalili.

Mataki na 3: yi lissafin ta hanyoyi biyu

Na haɗaka yana fara da tara s² ɗin biyu, kowane da nauyin n − 1 nasa:

```
sp² = (7×36 + 23×9) / 30 = 15.3
SE  = √(15.3 × (1/8 + 1/24)) = 1.597
t   = 4 / 1.597 = 2.50     df = 30     p ≈ 0.018
```

SE shi ne kuskuren ƙiyasi, wato gwargwadon yadda ratar nan ta buhu 4 za ta iya lilo da an sake ɗiban wasu gonakin. Shi kuwa df yana nuna yawan bayanan da ƙiyasin SE ya dogara a kansu. Na Welch ba ya haɗa komai, kowane s² ana raba shi da nasa n:

```
SE = √(36/8 + 9/24) = √(4.5 + 0.375) = 2.208
t  = 4 / 2.208 = 1.81
df = 4.875² / (4.5²/7 + 0.375²/23) = 8.2     p ≈ 0.11
```

Gonaki ɗaya, lambobi ɗaya, amma na haɗaka ya ce sabon iri ya fi, na Welch ya ce hujjar ba ta kai ba. Tazarar amincewa ta kashi 95 ita ma ta sauya: daga buhu 0.7 zuwa 7.3 a na haɗaka, daga −1.1 zuwa 9.1 a na Welch, wato har sifili na ciki.

Dubi 15.3 ɗin nan da kyau. Ya fi kusa da 9 nesa ba kusa ba, domin rukunin gonaki 24 ya rinjayi na 8 a wurin tarawa. Daga nan sai gwajin ya ɗauki 15.3 ya ɗora wa ƙaramin rukuni, alhali warwatsuwarsa ta gaskiya 36 ce. Amma ina rashin tabbas yake a ratar? Layin Welch ya faɗa: cikin 4.875, har 4.5 daga gonaki takwas ɗin nan ya fito. Matsakaicin tsohon iri an san shi sosai; na sabon ne ke rawa. Gwajin haɗaka ya ari natsuwar babban rukuni ya lulluɓe rawar ƙaramin da ita, SE ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, t ya kumbura. A irin wannan tsari, ko da irin biyu ba su da wani bambanci, gwajin haɗaka zai riƙa cewa akwai bambanci fiye da sau 10 cikin 100, alhali kai sau 5 ka amince a yi kuskure.

Haka nan df. Na haɗaka ya ba kansa 30, kamar duk gonaki 32 sun yi aiki daidai wa daida wajen auna rashin tabbas. Ƙa'idar Welch da Satterthwaite ta ba da 8.2, kusa da 7 na ƙaramin rukuni, don shi ke ɗauke da nauyin. Kada ɗigon ya dame ka, manhaja tana aiki da shi haka. Idan tebur kake dubawa, sauko zuwa 8. Ga hanyar kama kuskure a lissafin hannu: df na Welch ba ya ƙasa da n − 1 na ƙaramin rukuni, ba ya kuma wuce n1 + n2 − 2. A nan dole ya faɗa tsakanin 7 da 30.

Yanzu juya yawan. Sabon iri gonaki 24 da s na 6, tsoho gonaki 8 da s na 3. sp² ya koma 29.7, SE na haɗaka 2.225, t 1.80, bai kai ba. Welch kuma ya ba da SE 1.620, t 2.47, df 24.7, ya kai. Ka ga kenan Welch ba gwaji ne mai rowa ba, kamar yadda wasu ke zato. A nan na haɗaka ne ya cika tsoro, ya ɓoye bambancin da ke akwai.

Idan kuwa gonaki 16 ne a kowane ɓangare, SE ɗin biyu suna zama abu ɗaya, 1.677, t ma ɗaya, 2.39. Sai df kaɗai ya bambanta, 30 da 22, kuma duka biyun sun ce akwai bambanci. Shi ya sa mai tsara gwaji tun daga fari yake ƙoƙarin daidaita yawan rukunai.

Mataki na 4: yanke shawara

Tsohuwar koyarwa ita ce a fara da gwajin Levene ko gwajin F, masu duba ko warwatsuwar rukunan biyu ɗaya ce, idan p ya wuce 0.05 a haɗa, idan bai wuce ba a koma Welch. SPSS na ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin yana ajiye Levene a gefen layuka biyu, `Equal variances assumed` da `Equal variances not assumed`. Hanyar tana da rauni. Inda bambancin warwatsuwa ya fi cutarwa, wato ƙananan rukunai marasa daidaito, nan ne Levene ba shi da ƙarfin ganinsa, sai ya yi shiru mutum ya ɗauki shirun a matsayin izini. Inda rukunai suke da ɗaruruwa, yana kama ɗan bambancin da ba ya canza komai. Gwajin F kuma ya fi shi rauni, domin da zarar lambobin sun karkata gefe ɗaya sai ya fara ba da amsar ƙarya. Ƙari a kan haka, p ɗin da ka samu bayan gwaji ya zaɓa maka gwaji ba lallai ya riƙe kashi 5 ɗin da ya yi alkawari ba.

Akwai kuma ƙa'idar nan ta littattafai da yawa: idan babban s bai ninka ƙaramin sau biyu ba, a haɗa. Misalinmu yana kan iyakar daidai, 6 da 3, kuma ka ga ɓarnar da aka yi. Ƙa'idar tana aiki ne idan yawan rukunan ya yi kusa da juna.

Abin da ya fi shi ne ka zaɓi Welch tun kafin ka ga sakamako, ka rubuta hakan a tsarin bincikenka. Idan ta tabbata warwatsuwar ɗaya ce, abin da ka rasa ɗan ƙarfi ne kaɗan, wanda ba a cika jin sa ba sai a rukunai ƙanana ƙwarai. Haɗaka tana da wurinta idan kana da dalili daga wajen lambobin: alal misali na'ura ɗaya ce ta auna samfura iri ɗaya, an san kuskurenta, rukunan ƙanana ne kuma yawansu ɗaya. Abin da bai halatta ba shi ne a gudanar da biyun a ɗauki mai ƙaramin p.

Mataki na 5: faɗa wa manhajar abin da kake so

A R, `t.test` Welch yake yi idan ba ka ce komai ba. A Python, `ttest_ind` na SciPy haɗaka yake yi. Ɗalibai biyu da lambobi ɗaya kan samu p daban saboda wannan kaɗai.

```
t.test(buhu ~ iri, data = gona)             # R, Welch
ttest_ind(sabo, tsoho, equal_var=False)     # SciPy, Welch
=T.TEST(A2:A9, B2:B25, 2, 3)                # Excel, Welch
```

A Excel lambar ƙarshe ce ke zaɓa: 2 haɗaka, 3 warwatsuwa daban, 1 kuwa na ma'aurata ne, wato inda kowane awo na rukuni ɗaya ke da abokinsa a ɗayan. Idan ka karɓi sakamako daga hannun wani, df zai tona asirin: lamba mai ɗigo alamar Welch ce, n1 + n2 − 2 cif alamar haɗaka.

Abin da Welch ba ya gyarawa

Yana buƙatar gonakin su zama masu zaman kansu. Idan gona ɗaya aka raba biyu, rabi sabon iri rabi tsoho, gwajin ma'aurata ake yi a kan ratar kowace gona. Ba ya kuma maganin karkata mai tsanani a ƙaramin rukuni. Idan s yana girma tare da matsakaici, kamar yadda ake gani a kuɗin shiga ko ƙidayar ƙwari, gwada log na lambobin, sau da yawa warwatsuwar kan daidaita, sai dai fassarar ta koma ta ninki, ba ta ratar buhuna ba. Gudu zuwa gwajin Mann-Whitney ma ba mafita ba ne a nan, shi ma bambancin warwatsuwa na rikita shi.

A rahoto, kawo n, matsakaici da s na kowane rukuni, sunan gwajin, t, df, p da tazarar amincewa. Na misalinmu: gwajin Welch, rata buhu 4, t = 1.81, df = 8.2, p = 0.11, tazara −1.1 zuwa 9.1. Kada a bar s ɗin 6 a ƙasan tebur, domin ga manomi labari ne: sabon irin ya yi kyau a wasu gonaki, ya gaza a wasu. Idan za a sake gwajin baɗi, ƙarin gonakin a ɓangaren sabon iri za a zuba su. Ƙara wa tsoho gonaki 24 zai rage 0.375 ne kawai zuwa 0.19, amma kai sabo daga 8 zuwa 24 zai sauko da 4.5 zuwa 1.5.