Darasi: Gane Dangi a Tsohon Hoto

Yawancin mutane idan suka ɗauki tsohon hoto, fuska suke fara dubawa su ce, "Ai wannan kakanmu ne." Nan ne kuskure yake shigowa, domin jini ɗaya kama yake jawowa. Ɗa yakan ɗauko mahaifinsa sak, wa da ƙane kuma a hoton da ya dusashe ba a raba su. Don haka ku ajiye maganar fuska tukuna. Ku fara neman shekarun da aka ɗauki hoton, sannan ku ƙiyasta shekarun mutumin da ke ciki. Suna shi ne na ƙarshe.

Ku tanadi littafin rubutu, fensir, da gilashin ƙara girma, ko ku ɗauki hoton da waya ku buɗe shi sosai. Ku wanke hannu ku shanya, ku riƙe hoton ta gefe.

Takardar hoton da abin da ke bayan mutane

Takardar kanta tana da abin faɗi. Hoto mai kala bai yawaita a hannun jama'a ba sai daga shekarun 1960 zuwa 1970, kuma da yawa daga cikin na lokacin sun rine sun koma ja-ja. Ku shafa bayan hoton: idan yana da santsi kamar leda, da wuya ya girmi ƙarshen shekarun 1960. Idan akwai ƙananan lambobi masu ruwan lemo a kusurwa, kyamara ce ta buga su, abin da ya yaɗu a shekarun 1980 da 1990. Kada ku amince da su ido rufe, don idan batir ya mutu ba a sake saita kwanan wata ba, ƙarya za su faɗa. Shekarar da aka buga a farin gefen hoto kuwa ta ranar da aka wanke shi ce. Fim yakan yi wata da watanni, har shekara, a cikin kyamara kafin a kai shi wanki.

Sai ku duba bayan mutanen. Kalanda a bango, lambar mota, allon makaranta, ko ɗakin da aka san shekarar gina shi, duk shaidu ne. Ƙa'idar ɗaya ce: hoto ba ya girmar abu mafi sabunta da ke cikinsa. Amma ku lura da hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto. Labulen da aka zana, kujera, fulawar roba, wani lokaci har tabarau da agogo, duk na mai shago ne, ba sa nuna gidan kowa.

Tufafi

A tufafi, matasa za ku duba. Saurayi da budurwa su ke bin yayi, dattijo kuwa yana iya shekara ashirin da ɗinki iri ɗaya. Riga mai faɗin kwala da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa sun fi nuna shekarun 1970. Agogon hannu na batir mai nuna lambobi a ɗan allo ba a fara sayar da shi ba sai a shekarun 1970 ɗin, don haka duk wanda ya ɗaura shi ba hoton 1960 ba ne. Kayan aiki ko kayan makaranta sun fi komai amfani, saboda ana iya tambaya wane ne a dangi ya yi wannan aiki, kuma daga yaushe zuwa yaushe. Yara kuwa sukan gaji kayan yayyensu, riga ɗaya a hotuna biyu ba ta nufin yaro ɗaya ne.

Rubutun baya

Nan ne ake samun gaskiya, nan ne kuma aka fi ruɗewa. Kafin ku karɓi abin da aka rubuta, ku nemi sanin wanda ya rubuta. Kalmar "Baba" ba suna ba ce, kowa da babansa. Idan ba ku san hannun wa ne ba, ba ku san wane baba ake nufi ba. Ku nemo tsohuwar wasiƙa ko littafin da kuka tabbatar da mai shi, ku jera su da hoton. Ku kwatanta haruffa uku ko huɗu da lambobi, musamman yadda ake rubuta 4 da 7, da inda rubutun ya karkata.

Ku duba abin da aka yi rubutun da shi. Biro bai shiga hannun jama'a ba sai bayan 1945, ya yaɗu a shekarun 1950. Idan hoton ya yi kama da na 1930 amma rubutun na biro ne, to daga baya aka yi shi, daga abin da wani ya tuna, kuma tunani yakan zame. Idan tawada iri biyu ce, ku ɗauki kowace daban. Haka kuma "daga hagu" tana da tarko: mai rubutu a bayan hoto yakan jera sunaye yadda mutanen suke ta baya, sai hagu ta zama dama. Ku gwada jerin da mutum ɗaya da kuka sani tabbas.

Misali

Ga hoto mai kala wanda ya koma ja-ja. Wani mutum yana tsugune, sanye da riga mai faɗin kwala, ya dafa kafaɗar wata yarinya da ta runtse ido saboda rana. A gefe an buga 1976. A baya an rubuta da shuɗin biro, "Ni da Baba." Kowa a gida ya ɗauka kaka ne da autarsa.

Kala, kwala da shekarar da aka buga duk sun yarda da juna, don haka hoton na 1975 ko 1976 ne. Mutumin bai wuce shekara 30 ba a ido. Tunda ido yana kuskure, a ba shi sarari na shekara biyar gaba da baya. A cire 30 daga 1976, saura 1946, ke nan an haife shi tsakanin 1941 da 1951. Takardun kaka sun nuna 1920, da yana da shekara 56 a lokacin. Ba shi ba ne. A cikin 'ya'yansa maza, babban ne kaɗai ya faɗa wannan tsakani, haihuwar 1945. Yarinyar kamar 'yar shekara huɗu ce, kuma 'yar farin wannan babban ɗa haihuwar 1972 ce. Da aka jera rubutun da wasiƙarta, hannu ɗaya ne. Ita ta rubuta bayan ta girma, babanta take nufi.

Sai yanzu ake komawa ga fuska don tabbatarwa. Ku dubi siffar kunne, tazarar idanu, wushirya ko tabo, don ƙiba, gemu da furfura duk canzawa suke.

Idan za ku nuna wa dattijon gida, kada ku ce, "Wannan ba wane ba ne?" Zai iya amsa muku don kara. Ku ce, "Baba, wa kake gani a nan?" ku yi shiru. Ku tambayi mutum biyu, kowa shi kaɗai.

Abin da kuka gano ku rubuta a littafi: cikakken suna, shekarun da kuke zato, dalili, da wanda ya faɗa. Inda babu tabbas ku sa "wataƙila". A bayan hoton lamba kawai za ku sa da fensir mai taushi, can gefe, ba tare da dannawa ba. Idan hoton ya manne a albam, kada ku ɓamɓare shi don ganin bayansa, rubutun zai tafi da takardar. Ku haska tocila ta gefe, sau da yawa sawun biro yana fitowa ta gaba.