Yadda Za Ka Shigar da Ragowar Lissafin Littafi Cikin Manhaja

Da farko ka tsayar da ranar yanka, misali 31 ga Disamba, ka rufe littafin nan. Sannan ka ƙirga kayan shago a kan kuɗin sari, ba na sayarwa ba, don kada ribar da ba a ci ba ta kumbura jari.

A ce tsabar kuɗi ₦150,000, banki ₦400,000, kaya ₦900,000, bashin da kake bi ₦250,000. Duka ka sa su a Debit, wato ɓangaren da ake rubuta abin da ka mallaka, ₦1,700,000 ke nan. Bashin da dila ke binka ₦300,000 ya tafi Credit, wato ɓangaren da ake rubuta bashin da ake binka da jari, ragowar ₦1,400,000 ita ce jarinka, ita ma Credit.

Waɗanda kake bi bashi kuwa, shigar da kowa da sunansa. In ka dunƙule su, ranar da wani ya biya ba ka da inda za ka cire masa.