Yadda Ake Gyara Saƙon Sayar da Kaya Kashi-Kashi Don Mai Saye Ya Ga Komai

A ce wani mai sayar da kayan lantarki ya tura wa mutane wannan saƙo: "Ɗauki firji yau, ka riƙa biyan 25,000 kacal duk wata!" Babu ƙarya a ciki, amma mai karantawa bai san wata nawa zai yi yana biya ba, bai san abin da zai ajiye kafin a ba shi firjin ba, balle abin da zai same shi ranar da ya makara. Ga yadda ake gyara irin wannan saƙo.

Da farko, a ajiye saƙon gefe a ɗauko takardar yarjejeniya. Duk lambar da za ta shiga saƙo, daga can za ta fito. A misalinmu, firjin 300,000 ne idan kuɗi hannu za a biya. Mai biya kashi-kashi kuwa zai ba da kafin alƙalami 60,000, da kuɗin fom 5,000, sannan 25,000 duk wata har wata 12.

Mataki na biyu shi ne lissafin jimilla, kuma nan ne yawancin saƙonni ke yin shiru. Idan aka ninka 25,000 sau 12, za a sami 300,000, daidai da farashin kuɗi hannu. Wanda ya yi wannan lissafi da ka sai ya ɗauka babu ƙarin ko sisi, don ya manta da abin da ya bayar ranar farko. Da an haɗa da kafin alƙalami da kuɗin fom, jimillar ta zama 365,000. Wato 65,000 ne kuɗin jinkirin da aka yi masa. Dole wannan lamba ta fito fili, a kusa da farashin kuɗi hannu, don mutum ya kwatanta da kansa. A kuma faɗa ko kafin alƙalamin yana cikin farashi ne ko daban yake, da kuma ko ana mayar da shi idan ciniki ya fasa.

Na uku, tara. "Akwai tarar kashi 5 cikin 100 ga wanda ya makara" magana ce da ba ta ƙare ba. Kashi 5 na me? Idan na kuɗin wata ne, 1,250 ne. Idan kuwa na ragowar bashi ne, mutumin da ya biya wata biyu, saura 250,000 a kansa, tararsa 12,500 ce, ninki goma ke nan. A ganina gara a rubuta tara da adadin kuɗi, a bar kaso, domin adadi ba ya karɓar fassara biyu. Sai a ƙara da ranar biya, da kwanakin da ake ɗaga ƙafa, da kuma ko sau ɗaya ake cin tarar ko tana ƙaruwa.

Na huɗu, a faɗi mai kayan. A tsarin haya mai ƙarewa da mallaka, firjin na mai sayarwa ne har sai an biya kashin ƙarshe, shi ya sa yake iya neman a dawo masa da abinsa. A cinikin bashi na kashi-kashi kuwa, galibi kaya sun zama na mai saye tun ranar ciniki, abin da ya rage kawai bashi ne. Dokar karɓe kaya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka kada a rubuta barazanar da doka ba ta yarda da ita ba.

Yanzu sai a sake rubuta saƙon, kowace lamba da layinta:

Firji, farashin kuɗi hannu: 300,000
Ranar ɗauka: kafin alƙalami 60,000 da kuɗin fom 5,000
Duk wata: 25,000, har wata 12, ranar 5 ga wata
Jimillar abin da za ka biya: 365,000, ƙarin 65,000 a kan kuɗi hannu
Makara: bayan kwana 7, tarar 1,250 a kan kowane watan da aka makara
Firjin zai zama naka bayan biyan ƙarshe

An cire "kacal", kuma da gangan ne. Idan saƙon waya ne kuma wuri ya yi kaɗan, a rage kirarin kaya, kada a taɓa lambobi. Haka nan a fosta, kada kuɗin wata ya fito da manyan haruffa alhali jimilla tana can ƙasa sai an ƙura ido.

Kafin a tura, a miƙa wa wanda bai san cinikin ba, a tambaye shi nawa zai biya yau, nawa duk wata, nawa gaba ɗaya, me zai faru idan ya makara. In har sai da ya ɗauko kalkuleta, ko ya ce bari ya tambaya, akwai layin da bai fito ba tukuna, sai a koma kansa.