Saƙon "a zo da azumi" kafin gwajin jini: inda ake yawan kuskure

Kuskure mafi girma shi ne ma'aikacin asibiti ya rubuta "ku zo da azumi" ya tsaya nan. A wurinmu, wanda aka ce wa ya yi azumi zai tashi da asuba ya yi sahur, sannan ya ƙaurace wa ruwa. Duka biyun suna ɓata aiki. Wanda ya sha koko da ƙosai ƙarfe 5:00 aka ɗebi jininsa ƙarfe 7:30, sukarinsa zai iya fitowa sama, a ɗauka ciwo ne alhali abinci ne. Rashin ruwa kuma yana sa jijiya ta yi wuyar samu, a yi ta huda mutum. Sai a faɗa a fili: ba abinci, ba shayi, ba lemo, ba goro, amma a sha ruwa zalla.

Haka kuma kada a bar wa majiyyaci lissafi. Gwajin sukari yana buƙatar aƙalla awa 8 ba ci, na kitsen jini kuwa, idan likita ya nemi haka, awa 9 zuwa 12. Misali, idan an dawo da lokacin gwaji daga 11:00 zuwa 7:30 na safe, lokacin daina ci ma ya matso. A ƙirga baya: awa 10 ta ishi gwaje-gwajen biyu, kuma awa 10 kafin 7:30 shi ne 9:30 na dare. Wannan lambar za a rubuta.

Kalmar "gobe" ma tarko ce, domin wani sai gari ya waye zai ga saƙon. A sa rana da kwanan wata, a kuma ce tsohon lokacin ya tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne mantawa da magani. Mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar ciwon sukari ta glibenclamide, in ya sha maganinsa da safe ciki ba komai, sukarinsa na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi, jiri, har suma. Likita ne zai yanke yadda za a yi, amma dole saƙon ya tuna masa ya tambaya. Sunan ciwo kuwa kada a rubuta shi, sau da yawa ɗa ko maƙwabci ne ke karanta wa mutum saƙo.

Ga yadda zai kasance:

"Assalamu alaikum Baba. An sauya lokacin gwajin jininku na ranar Talata 14 ga wata: yanzu 7:30 na safe ne, ba 11:00 ba. Ku gama cin abinci kafin 9:30 na daren Litinin. Daga nan ruwa zalla kawai, ba sahur, ba shayi, ba goro. In kuna shan maganin safe, ku kira mu ranar Litinin ku ji umarnin likita. Ku taho da abin karyawa don bayan gwaji. Don Allah ku amsa mana in kun gani."

In shiru ta yi yawa har yammacin Litinin, a buga waya.